Yadda za ka gane ko shadoban aka yi maka, ko masu kallo ne suka wuce

Sati biyu bayan Sallar layya ƙanena ya shigo gida da waya a hannu, rai a ɓace. Tela ne a unguwar Zariya nan Maradi, yana saka ɗinkinsa a TikTok. Ko zama bai yi ba ya ce: "Yaya, sun yi mini shadoban. Da ina samun kallo dubu tara, dubu goma, yanzu ko dubu ɗaya ba na kaiwa." Har wani yaro ya ce ya ba shi jika biyar zai cire masa. Na ce ya ajiye kuɗinsa, ya miƙo wayar.

Abin da mutane ke nufi da shadoban shi ne kamfani ya danne ka a ɓoye: kana saka kaya kana ganinsu, amma ba a nuna wa kowa, kuma ba a faɗa maka ba. Akwai gaskiya a ciki. Manhajojin nan suna rage yaɗuwar wasu abubuwa ba tare da sun goge su ba, kuma su da kansu sun faɗa. A Disambar 2022 Instagram ta fara nuna wa masu shafin sana'a ko ana tallata kayansu ga waɗanda ba sa bin su, a Afrilun 2023 kuma Twitter ta fara liƙa alama a kan rubutun da ta rage wa tafiya. Wato dannewar tana faruwa, amma yanzu galibi tana barin sawu. Aikinka shi ne ka nemi sawun kafin ka yanke hukunci.

Da farko, gyara ma'aunin

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne auna kansa da bidiyonsa mafi tashe. Ƙanena yana da guda ɗaya da ya kai dubu casa'in, tun daga ranar kuma duk abin da bai kai haka ba a wurinsa faɗuwa ne. Ɗauki takarda ka rubuta kallon bidiyo goma na kafin faɗuwar, ka jera su daga ƙarami zuwa babba, ka dubi na tsakiya, wato tsakanin na biyar da na shida. Ka yi haka ga na bayan faɗuwar. Kada ka sa wanda bai kwana biyu ba, don alƙaluman sukan makara kafin su daidaita. Nasa na tsakiya a da wajen 9,000 ne, yanzu 900. To faɗuwar gaskiya ce, saura dalili.

Sai ka duba ta inda masu kallo ke shigowa

Nan ne zancen yake. Yawan kallo ba ya faɗa maka komai game da dannewa, hanyar da kallon ya biyo ita ke faɗa. Buɗe bidiyo ɗaya, ka taɓa ɗigo ukun nan na gefe, ka shiga Analytics. A ciki za ka ga an kasa masu kallon: kashi kaza daga For You, wanda waya mai Faransanci ke rubutawa Pour toi, kashi kaza daga shafinka, kashi kaza daga masu bin ka, kashi kaza daga bincike. For You ita ce ƙofar baƙi, waɗanda ba su san ka ba. Idan an danne bidiyo, wannan ƙofar ake rufewa.

Mun buɗe guda uku. Na kafin Sallah, wata shadda da ya yi wa aiki a wuya: kallo 9,000, kashi 78 cikin ɗari daga For You, kusan mutum dubu bakwai ke nan baƙi. Tsawonsa daƙiƙa 19, kuma a matsakaici mutane sun tsaya daƙiƙa 12.

Na biyu na bayan Sallah ne: kallo 900, kashi 55 daga For You. Ka ga ƙofar a buɗe take, an kawo masa baƙi kusan ɗari biyar. Amma tsawon bidiyon daƙiƙa 48, matsakaicin tsayawa daƙiƙa 5. Da muka kalla tare sai dariya ta kama ni: daƙiƙa bakwai na farko sallama ce da gaisuwa da "ina fatan kun yi Sallah lafiya", rigar ba ta fito ba sai can tsakiya. An nuna shi, mutane suka ture da ɗan yatsa, manhajar ta daina ƙara masa mutane. Tun a 2020 TikTok ta bayyana cewa kallon bidiyo har ƙarshe alama ce mai nauyi a wurinta, ta kuma ce yawan mabiyanka ko tashen da ka yi a baya ba su ne kai tsaye ke sa a tallata sabon bidiyonka ba. Kowane bidiyo da ƙafarsa yake tafiya. Dubu casa'in ɗin jiya ba ta biya wa na yau kuɗin mota.

Na ukun ne ya bambanta. Kallo 310, daga For You kusan babu, duka daga shafinsa da mabiyansa. A saman alƙaluman kuma ga sanarwa cewa wannan bidiyon bai cancanci shiga For You ba. Bai taɓa ganinta ba don bai taɓa buɗe wurin ba. Bidiyon wani samfurin ɗinki ne da aka turo masa ta WhatsApp, da tambarin wani shafi yana yawo a kusurwa, shi kuma ya ɗora haka nan. Wannan kam an danne shi, amma shi kaɗai, kuma an faɗa.

Ga ƙa'idar a taƙaice. Kallo ya faɗi amma For You na kawo kaso mai tsoka: ba a hana ka ba, ba a tsayawa ne. For You ta koma sifili a bidiyo ɗaya: matsalar wannan bidiyon ce. Ta koma sifili a duk sababbin bidiyonka a jere: to sai ka dubi shafin gaba ɗaya.

Duba matsayin shafin

A TikTok nemi Account check cikin TikTok Studio, zai nuna maka ko akwai gargaɗi a kanka. Gargaɗin karya doka yana goguwa bayan kwana 90. A Instagram shiga saituna ka nemi Account Status, ko Statut du compte, nan za ka ga ko ana tallata kayanka ga waɗanda ba sa bin ka, da abin da ya jawo idan ba a yi. Wuraren nan sukan canja mazauni idan an sabunta manhaja, amma sunayen na taimakawa wurin nema. Idan komai ya nuna koriyar alama, wato ba matsala, ka rage zargi. Za ka iya ƙarawa da aron wayar wanda ba ya bin ka, ka rubuta cikakken sunan shafinka a bincike. In ya fito, ba a ɓoye ka daga bincike ba.

Abubuwan da ke jawo dannewa ta gaskiya sanannu ne, kuma a wajenmu wanda ya fi yawa shi ne ɗora kayan wani. Tun Fabrairun 2021 Instagram ta ce tana rage tafiyar bidiyo mai ɗauke da tambarin wata manhaja, a Afrilun 2024 kuma ta ce shafin da ya ɗora kayan wasu sau goma ko fiye cikin kwana talatin za a cire shi daga tallatawa. Sai roƙon nan na "ka bi ni in bi ka", da hotunan jini ko haɗari, da tallar magani mai alkawarin warkar da komai. TikTok kuma ba ta saka bidiyon wanda bai kai shekara 16 ba a For You, ko me ya ɗauka.

Idan ba dannewa ba ce fa?

Dubi kalanda kafin ka dubi kamfani. Ana saura sati uku Sallah kowa na neman samfurin ɗinki, mata na tura wa juna, maza na ajiyewa su kai wa telansu. Bayan Sallah an yanka rago, aljihu ya bushe, wa zai tsaya kallon aikin wuya? Damina ta kama, mutanen Tibiri da Madarunfa da ƙauyukan kewaye suna gona tun safe. Kasuwar ɗinki a shago ma haka take kwanciya, kuma ba wanda ke cewa an yi wa shagonsa shadoban.

Sai kuran da rezo. Wanda yake garin nan a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ya san yadda mutane suka koma lallaɓa caji. Mai lallaɓa caji ba ya zama kallon bidiyo. Haka ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka wuni da wahalar shiga. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: tambayi mutum biyu ko uku masu irin sana'arka. In duka kun faɗi a sati ɗaya, ba kai aka nufa ba.

Akwai kuma mabiyan da ba naka ba. Bidiyon ƙanena mai dubu casa'in ba ɗinki ba ne, wasa ne da yaran shago suka yi da wani kwastoma mai gardamar awo. Mutanen da suka bi shi a ranar dariya suka zo nema. Da aka nuna musu shadda sai suka wuce, wucewarsu kuma ta shiga lissafi. Wanda ya sayi mabiya da kuɗi ya fi shi shiga uku, don nasa ba sa kallo ko kaɗan.

Abin yi

Ga bidiyon da aka hana, idan kana ganin zalunci ne, a jikin sanarwar akwai wurin ɗaukaka ƙara, kyauta, kuma kai kaɗai ke iya yi daga cikin shafinka. Yaron jika biyar ba shi da wata ƙofa da ta wuce wannan, abin da zai nema shi ne lambar sirrinka, daga nan kuma shafin ya tafi. Na ƙanena ba abin ɗaukaka ƙara, kayan wani ne, sai muka sauke shi.

Kada ka share tsofaffin bidiyonka duka, kada ka buɗe sabon shafi, kada kuma ka jibga #fyp, alamar neman shiga For You, sau goma a ƙarƙashi. Ka canja abu ɗaya tak, ka gwada a bidiyo biyar, don in ka canja komai lokaci guda ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Mu farkon bidiyo muka canja: riga ta fito a daƙiƙar farko, kusa sosai har ana ganin zaren, gaisuwa ta koma rubutu a ƙasa, tsawo kada ya wuce daƙiƙa 20. Kuma kada idonka ya tafi kan yawan kallo tukuna, matsakaicin tsayawa za ka riƙa dubawa, don shi ke fara motsi.

Bayan kwana goma ya turo mini hoton alƙaluman. Tsayawa ta tashi daga daƙiƙa 5 zuwa 10, na tsakiya cikin biyar ɗin ya sami kallo 2,400, kashi 70 daga For You. Bai koma dubu tara ba, kuma ban sa ran zai koma ba sai an fara ɗinkin Mauludi da bukukuwan kaka. Ya kira ni da dare ya ce: "Yaya, to gaisuwar fa? Mutane za su ce ba ni da ladabi." Na ce ya yi ta a ƙarshe, waɗanda suka kai can su ne masu amsawa.