Darasi: Yadda ake tsara rijistar ƙorafin kwastoma

Yau kan littafin ƙorafi za mu zauna, wato rijistar da ake ajiyewa a teburin karɓar kwastoma. Misalin da za mu yi aiki da shi shagon kayan sola ne, masu sayar da batir da inbata da fanel kuma su tura yaro ya haɗa wa mutum a gida. Ba sai kana da kwamfuta ba, babban littafi mai bango mai tauri da rula da biro da fensir sun isa.

Ka buɗe littafin shafi biyu a haɗe, hagu da dama, ka ja layuka daga sama zuwa ƙasa su ba ka gida goma. A shafin hagu: lamba, rana da lokacin da aka kawo ƙorafi, suna da lambar waya, lambar risit, sai abin da kwastoma ya faɗa. A shafin dama: rukuni, wanda aka miƙa wa aikin, lokacin amsar farko, abin da aka yi, sai ranar rufewa. Kowane ƙorafi layi ɗaya lamba ɗaya, 001, 002, haka har littafi ya cika, kuma ka rubuta wa kwastoma lambarsa a bayan risit ɗinsa saboda in ya kira gobe ba sai an yi ta "wace Hajiyar ce ma?" ba. Abin da ya faɗa kuwa dan Allah ka rubuta shi yadda ya fito daga bakinsa, in ya ce "wuta tana ɗaukewa kafin sha biyun dare" to haka za ka sa, kar ka rubuta "batir ya mutu" don ba ka auna ba tukuna.

Rukuni kar ya wuce biyar ko shida. Na wannan shagon: kaya ya lalace, matsalar haɗawa, kuɗi da risit, jinkirin kai kaya, mu'amalar ma'aikaci, sai sauran. In ka yi rukuni goma sha biyar wallahi ma'aikata biyu ba za su sa ƙorafi iri ɗaya a wuri ɗaya ba, ƙarshen wata lissafi ya dagule. Kuma ka sa ido kan gidan "sauran", in ka ga ya fara cika to akwai rukunin da ka rasa, ka karanta abin da ke ciki ka fitar masa da suna.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe. Lokaci iri biyu ne kuma mutane suna haɗa su. Akwai lokacin amsar farko, wato daga sanda aka kawo ƙorafi zuwa sanda wani mai iya yin wani abu ya kira kwastoma ya faɗa masa me za a yi kuma yaushe. "Yi haƙuri za mu duba" da aka faɗa a bakin tebur ba amsa ba ce, kar a rubuta ta. Sannan akwai lokacin rufewa, shi kuma sai matsala ta ƙare.

A ce ƙorafi mai lamba 017. Wata Hajiya ta zo ranar Talata ƙarfe 10:20 na safe ta ce wutarta tana ɗaukewa kafin sha biyun dare alhali batir ɗin sabo ne. Mai tebur ya sa "kaya ya lalace" da fensir, ya miƙa wa mai haɗawa. Mai haɗawa ya kira ta ƙarfe 11:50 ya ce zai zo gobe da safe, kenan amsar farko awa ɗaya da rabi. Laraba ya je ya auna ya tarar batir lafiyarsa ƙalau, kan wayar da ke jikin batir ɗin ne ba a ɗaure da kyau ba shi ya sa ba ya cika caji. Ya ɗaure. Sai aka goge fensir aka mayar da rukuni "matsalar haɗawa" da biro, kun ga amfanin fensir kenan, da an bar shi yadda yake da ƙarshen wata an ɗora laifi kan dilan batir alhali gyaran a cikin gida yake. To an rufe ranar Laraba? A'a. Sai da aka bari ta kwana biyu da wutar, Juma'a aka kira ta ta ce yanzu tana kaiwa asuba, a nan aka rubuta ranar rufewa. Kwana uku kenan. Bakin kwastoma ne ke rufe ƙorafi, ba bakin wanda ya yi gyara ba. In an kira shi sau uku a ranaku daban-daban bai ɗaga ba, sai a rufe amma a rubuta "ba a same shi ba" a gefe.

Ku yanke tun farko da awannin aiki za ku riƙa ƙirga. Shagon da ke buɗewa 8 na safe ya tashi 6 na yamma kuma ba ya fitowa Lahadi, in ƙorafi ya zo Asabar ƙarfe 5 na yamma aka amsa Litinin ƙarfe 9 na safe, a agogo awa 40 ne amma a awannin aiki awa 2 ne. Ka rubuta ƙa'idar a bangon littafi kowa ya bi ta, tare da wa'adin da mai shago ya sa, misali amsar farko kar ta wuce awa 4.

Sai lissafin ƙarshen wata. A ce ƙorafi 40 suka shigo, an rufe 30. Ka raba 30 da 40 ka ninka da 100, ya ba ka kashi 75 cikin ɗari. Mai shago zai ji daɗi, amma kar ka tsaya nan, ka yi wa kowane rukuni nasa. A ce 14 daga cikin 40 ɗin na "kaya ya lalace" ne kuma 7 kawai aka rufe, kashi 50 kenan, sauran 26 kuwa an rufe 23. Ashe duk ciwon a wuri ɗaya yake, sai a duba gidan "abin da aka yi" a gani ko jiran dila ake ya canza kayan garanti, in haka ne faɗa da mai tebur ba zai gyara komai ba.

Akwai kuma waɗanda aka rufe suka dawo da matsalar nan dai. Kar ka ba su sabuwar lamba, ka koma layinsu na da ka zagaye ranar rufewar da jan biro. In 4 cikin 30 ɗin nan sun dawo to na gaskiya 26 ne, 26 cikin 40 kuwa kashi 65 ne. Jan biro in ya yi yawa alama ce ana gaggawar rufewa don lissafi ya yi kyau.

Wajen lokacin amsa ma a yi hattara. A ce ƙorafi biyar an amsa su cikin awa 1, 2, 2, 3, da 32. In ka haɗa ka raba biyar za ka samu awa 8, sai a ɗauka duk teburin nawa ne da shi, alhali guda ɗaya ne aka manta a aljihun wani. Gara ka jera su daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya, awa 2, sannan ka bi sawun mai 32 ɗin shi kaɗai ka ji abin da ya riƙe shi.

Aikin gida: ka ja gidajen nan goma a littafinka ka shigar da ƙorafi na 017 da hannunka. Sannan ka lissafa wannan, ƙorafi 25 sun shigo, an rufe 20, biyu daga ciki sun dawo. Kashi nawa ne kafin jan biro, nawa ne bayansa?