Sunan hoto kafin a ɗora shi: inda ake yin kuskure

Wani baduku a nan Tahoua ya kawo mini hotunan kayansa guda 40 in ɗora masa a shafin sayarwarsa: takalma, jakunkuna da gidajen wuƙa. Da na buɗe, na farko sunansa `IMG_4821.JPG`, na biyu `IMG-20240315-WA0007.jpg`, haka har ƙarshe. Na ce masa, "Malam, wanne ne jan takalmin?" Ya ce sai mun buɗe mun duba. To, shi mai kayan ke nan, balle baƙon da ke nema daga Yamai.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, barin sunan da na'ura ta raɗa wa hoto. Kyamara lissafi kawai take yi. Canon da iPhone suna rubuta `IMG_`, Nikon kuma `DSC_`, sai lamba huɗu ta biyo baya, daga 0001 zuwa 9999, in ta ƙare a sake daga farko. Saboda haka hotuna barkatai a duniya suna ɗauke da sunan `IMG_4821`, kuma ba wanda zai rubuta wannan a Google yana neman takalmi. Injin bincike yana haɗa alamomi ne don ya gane abin da ke cikin hoto: rubutun da ke kewaye da shi, bayanin da ake sawa a gurbin `alt`, wato gajeren rubutun da ke siffanta hoton, da sunan fayil ɗin. Gaskiya sunan ƙaramar alama ce, bayanin `alt` ya fi shi nauyi, kada wani ya ce maka suna kaɗai zai kai ka sahun gaba. Amma kyauta ne, kuma ko kai kanka za ka ji daɗinsa ranar da kake laluben hoto ɗaya cikin 500.

Ga yadda muka gyara na farkon:

```
IMG_4821.JPG
jan-takalmin-fata-na-maza-tahoua.jpg
```

Mene ne, wane launi, na wa, daga ina. Kalma huɗu zuwa shida sun isa. Wasu in sun ji wannan sai su zarce, su cusa "takalmi" sau uku da sunan kowane gari daga Konni har Agadas, kuma hakan ba ya ƙara komai sai tsawo. Harshen ma a duba shi: in masu sayen da Faransanci suke nema, `sandales-cuir-rouge-tahoua.jpg` ya fi dacewa.

Kuskure na biyu ya fi damun mu masu rubuta Hausa, wato haruffa masu lanƙwasa da tazara. Sunan fayil yana zama ɓangaren adireshin hoton, kuma a adireshi tazara tana komawa `%20`, harafin ƙ yana komawa `%C6%99`. Hoton gidan wuƙa sai ya zama `gidan%20wu%C6%99a.jpg` in an kwafe shi an tura wa wani. Sau da yawa yana buɗewa, amma ba ya karantuwa, kuma wani lokaci yana lalacewa in an kwashe shafin zuwa wata ma'ajiya, wato kwamfutar da ke riƙe da fayilolin shafi a intanet. A cikin suna a rubuta `gidan-wuka.jpg`, a bar ƙ ɗin ga bayanin `alt`, inda ba ta da matsala. A raba kalmomi da `-`, wanda Google ya fi so a kan `_`. A yi komai da ƙananan haruffa, domin a yawancin ma'ajiyoyi masu aiki da Linux, `Takalmi.JPG` da `takalmi.jpg` fayil biyu ne daban.

Na uku kuwa shi ne yin gyaran bayan an riga an ɗora. A WordPress, manhajar gina shafukan intanet, mutum zai canza abin da ke gurbin `Titre` ya ɗauka ya gama, alhali fayil ɗin yana nan da tsohon sunansa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: buɗe hoton shi kaɗai ka dubi ƙarshen adireshinsa. In kuma ka shiga ma'ajiya ka canza sunan da hannu, duk inda aka saka tsohon adireshin hoton zai ɓace, sai kuskuren 404, wato ba a samu fayil ɗin ba. Shi ya sa tsofaffin hotunan da mutane suka riga suka sani nake barin su, in gyara musu `alt` kawai.

A kwamfuta mai Windows, danna hoton ka latsa `F2`. Ka kula da wutsiyar sunan: mayar da `.heic` na iPhone zuwa `.jpg` da hannu ba ya canza nau'in hoton, sai an juya shi da manhaja. In takalmi ɗaya ka ɗauka ta fuska uku, ƙara `-gaba`, `-gefe`, `-kasa` ya fi 1, 2, 3.

Badukun ya tambaye ni ko sai ya yi duk wannan kafin ya sa hoto a Facebook. Na ce a'a, can su ne ke sake wa hoto suna da nasu lambobin, rubutun da ya yi a ƙarƙashin hoton shi ne ke aiki. Hotunansa 40 kuwa, tsakanin azahar da la'asar muka gama su.