Idon da ya ƙi kallon abin da kowa ke kallo

Na gaji da ganin hoton taro da aka sauya wa mutum ɗaya fuska, launin fata ya zauna, gefen haɓa ya narke sumul, amma kowa na kallon kyamara shi kaɗai yana kallon bango. Galibi aikin kansa mai sauƙi ne: mutum ya rufe ido a hoton, sai a ɗauko fuskarsa daga wani hotonsa a ɗora, da saninsa. Ido ne ke tona asirin aikin, kuma kurakuran ba sa canzawa.

Babban cikinsu shi ne ɗaukar cewa baƙin ido kaɗai ke nuna inda mutum ke kallo. Ba haka ba ne. Mai duba hoto yana haɗa abu biyu, inda kai ya fuskanta da inda baƙin ido ya zauna tsakanin fari. Tun a 1824 masanin kimiyya William Wollaston ya nuna cewa in aka bar idanu yadda aka zana su, aka sauya hanci da sauran fuska zuwa wani ɓangare, sai a ga kamar kallon ya koma can. To kai ka ɗauko fuskar da ke kallon kyamara kai tsaye, ka manna a kan wuyan da ya karkata hagu, kana mamakin me ya sa kallon ya kauce? Ni ba na taɓa ido sai na tabbata karkatar kai a hotunan biyu ta zo ɗaya. Ina duba karan hanci da yawan kunnen da ke bayyana. In sun yi nisa da juna, wani hoton nake nema, domin jan ido ba ya gyara kai.

Bayan haka nake buɗe sabuwar leya, wato shimfiɗa a saman hoton cikin manhajar gyaran hoto, in ja layi daga idon mutum biyu ko uku zuwa inda suke kallo. Mahaɗar layukan ita ce inda sabon idon zai nufa.

Kuskure na biyu shi ne matsar da baƙin ido da ka, ba awo. Wannan ya taɓa sa an dawo mini da aiki bayan an riga an buga shi, shi ya sa nake zafi a kai. Faɗin baƙin idon babban mutum kusan milimita 12 ne, ƙwayar idon kuma faɗinta kusan milimita 24. Saboda haka matsi na milimita ɗaya yana juya kallo da kusan digiri 5. A ce a hotonka baƙin idon ya ci fiksel 60, ka ga kowane fiksel ɗaya kusan digiri ɗaya ke nan. Ka ja shi fiksel 5 kana cewa ɗan kaɗan ne, alhali in abin kallon yana nesa da mita 3, ka kautar da kallon kusan santimita 26. Mutumin ya bar fuskar mai magana, ya koma kallon bayan kafaɗarsa! Haba, ku riƙa matsawa fiksel ɗaya ɗaya da maɓallin kibiya, kuna rage girman hoton kuna dubawa, don a ƙaramin hoto ake gane kallo, ba a wanda aka zuƙo har ya cika allo ba.

Kuma idanun biyu ba lallai a matsar da su daidai wa daida ba. In abin kallon yana kusa, kamar takarda a hannu, duka biyun suna ɗan matsowa wajen hanci. Wanda ya manta wannan sai mutumin ya zama kamar ya yi tagumi yana kallon nesa, wanda ya zarce kuma ya mayar da shi mai harara-garke.

Ɗigon hasken da ke cikin ido daga fitila ko taga yake zuwa, ba na baƙin idon ba ne. Ina goge shi, in matsar da baƙin idon, sannan in mayar da shi gefen da yake a idon maƙwabcinsa a hoton. In ka juya fuskar hagu ta koma dama don ta dace, ɗigon ma ya juya, sai ka gyara.

Kallon ƙasa yana sauko da fatar ido ta sama, don haka kada ka bar ido a buɗe tar yana karatu. Kada ka ja baƙin ido da Liquify, wato kayan aikin jan sassan hoto da lanƙwasa su, yana murɗe da'irarsa. Yanke shi zuwa leyarsa, ka cike gurbin da fari mai ɗan inuwa irin na idon.

A bidiyo kuwa, in hotunan da aka horar da manhajar sauya fuska da su duk kallon gaba suke, idon zai kafe yayin da sauran mutane ke bin mai wucewa da kallo. Ko dai ka ƙara hotunan kallon gefe da sama da ƙasa, ko ka cire wurin idanu daga abin da za a sauya, ka bar idanun asali suna motsinsu. Ni na biyun nake fara gwadawa muddin launin idanun da siffarsu sun yi kusa.