Rodi mai zafi biyu: inda ɗalibai ke tuntuɓe wajen raba x da t

Lissafin yaɗuwar zafi a cikin rodi ba shi da wuya idan bakinsa biyu suna kan digiri sifiri. Ɗalibi ya rubuta u = X(x)T(t), ya fitar da sin, ya fitar da exp, ya tashi. Amma da zarar an ce baki ɗaya yana kan 100, ɗayan yana kan 30, sai takardun amsa su cika da kurakurai iri ɗaya, shekara da shekaru, kamar gadonsu ake yi. Biyu daga ciki su ne manya, kuma su za su ci yawancin wannan rubutu.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Rodi ne na ƙarfe, irin wanda za ka samu wajen maƙera ranar kasuwar Ɗambatta, tsawonsa L = 50 santimita. Ya kwana a ɗaki, ko'ina a jikinsa digiri 30 ne. An naɗe jikinsa da auduga da tsumma don kada zafi ya fita ta gefe. Sai aka tsoma baki ɗaya, wato x = 0, a tukunyar ruwa mai tafasa, mu ƙaddara digiri 100 ne, ɗaya bakin kuma, x = 50, a kwatarniyar ruwa da ake sabuntawa don ya tsaya a 30. Saurin yaɗuwar zafi a irin wannan ƙarfe ya kai kimanin k = 0.12 cm²/s. Ga abin da ke gabanmu, inda u take zafin rodi a wurin x a lokacin t:

u_t = k u_xx, u(0,t) = 100, u(50,t) = 30, u(x,0) = 30

Kuskure na farko shi ne auka wa u kai tsaye. Ɗalibi ya sa u = X(x)T(t), ya raba, komai lafiya, sai ya zo sharaɗin baki ya rubuta X(0) = 100. Tsaya nan. Abin da sharaɗin ya ce shi ne X(0)T(t) = 100 a kowane lokaci. Idan X(0) lamba ce tsayayya, to dole T(t) ma ta tsaya wuri ɗaya ba ta motsi, ke nan ka kashe lokaci a lissafin da duk maganarsa a kan lokaci take. Wasu suna kauce wa wannan da dabara, su bar cos a cikin amsa da sunan wai ita za ta riƙe 100 ɗin, tunda cos 0 = 1. Ba za ta riƙe ba, domin tana tafe da exp mai raguwa, kuma bayan ɗan lokaci bakin da ke cikin tafasasshen ruwa zai huce a takardarka alhali tukunya tana kan wuta.

Akwai dalili na biyu da ya fi wannan zurfi. Ƙarfin wannan hanya duka yana wajen tara amsoshi: ka samu ƙananan amsoshi masu yawa, ka haɗa su, jimillar ta zama amsa. Idan kowace tana ba da sifiri a baki, jimillarsu ma sifiri ce. Idan kuwa kowace tana ba da 100, biyu sun ba ka 200, uku 300. Sharaɗin ya rushe tun daga tarawar farko.

Gyaran shi ne ka fara tambayar inda rodin zai zauna bayan an daɗe. A lokacin zafi ya daina sauyawa, u_t = 0, saura v'' = 0, wato miƙaƙƙen layi daga 100 zuwa 30:

v(x) = 100 − 1.4x

Gwada shi nan take: a x = 0 ya ba da 100, a x = 50 ya ba da 100 − 70 = 30, a tsakiya 65. Wannan shi ne zaunannen zafi. Sai ka cire shi, ka kira abin da ya rage w = u − v. Ita w tana bin lissafin zafi iri ɗaya, amma yanzu w(0,t) = 0 kuma w(50,t) = 0. Ita ce ake raba wa x da t, ba u ba. Masu cire 30 kawai daga ko'ina su sani cewa sun gyara baki ɗaya ne, ɗayan yana nan da 70 a kansa. Cire lamba guda yana aiki ne kaɗai idan zafin bakin biyu ɗaya ne.

Kuskure na biyu ya fi na farko mugunta, don mai yinsa yana ganin ya iya. Ya samo v daidai, ya rubuta w daidai:

w(x,t) = Σ b_n sin(nπx/L) exp(−k n²π² t/L²)

Sai ya zo neman b_n, ya ɗauko 30 ɗin da aka ba shi a farko ya jefa cikin intigiral. Haba ɗalibi! Wannan 30 ta u ce. Ka sauya abin da kake nema, ka sauya sharaɗin baki, me ya sa sharaɗin farawa zai zauna yadda yake? Abin da w ta fara da shi shi ne

w(x,0) = 30 − (100 − 1.4x) = −70 + 1.4x

kuma shi ne zai shiga b_n = (2/L)∫ w(x,0) sin(nπx/L) dx daga 0 zuwa L. Idan ka yi aikin a hankali, za ka samu b_n = −140/(nπ). Wato b_1 kusan −44.6, b_2 kusan −22.3, b_3 kusan −14.9. Alamar ragi tana da ma'ana: rodin ya fara ƙasa da inda zai zauna, saboda haka w bashi ne da ake bin sa, yana biya a hankali.

Yanzu dubi abin da ya sa wannan kuskure yake wuce idon mutane. Wanda ya sa 30 zai samu b_n = 120/(nπ) ga n = 1, 3, 5 da sauransu, b_1 kusan 38.2. Idan ya gwada amsarsa a baki biyu, za ta ba shi 100 da 30, daidai. Idan ya bar t ya yi nisa, za ta koma v, daidai. Idan ya mayar da ita cikin u_t = k u_xx, za ta shiga lafiya lau. Gwaji uku sun ce masa ya ci, sai ya ja layi biyu a ƙasan amsa. Gwaji ɗaya ne kawai ke tona asirinsa, shi ne t = 0, kuma shi ne ba a yi. A tsakiyar rodi amsarsa tana cewa 65 + 30 = 95 tun kafin a fara, alhali ƙarfen da ya kwana a ɗaki 30 yake. Ya warware wata tambaya ce daban da ba wanda ya yi masa.

Mu sa lambobi mu ga tazarar. Da farko kπ²/L² = 0.12 × 9.87 / 2500, kusan 0.000474 a kowace daƙiƙa. Juya shi, ka samu daƙiƙa 2110, kimanin minti 35, lokacin da kashi na farko ke ɗauka ya ragu zuwa wajen kashi 37 cikin ɗari na girmansa. Bayan minti 10, t = 600, a tsakiya x = 25: kashi na farko −44.56 × 0.7526 = −33.5; na biyu sifiri ne don sin π = 0; na uku +14.9 × 0.0775 = +1.15, na biyar bai kai 0.01 ba, a bar shi. Jimilla, wato v + w, 65 − 33.5 + 1.15, kusan digiri 32.6. Tsakiyar rodin da ƙyar ta fara ɗumi, kuma duk wanda ya taɓa riƙe dogon ƙarfe a maƙera ya san haka abin yake. Amsar mai kuskure kuwa wajen 92.8 ce. Bayan awa ɗaya amsar gaskiya ta hau zuwa 56.9, tasa ta sauko zuwa 71.9. Rodin gaskiya yana hawa zuwa 65, nasa yana gangarowa, wai ƙarfen da aka tsoma a ruwan zafi yana hucewa.

Al'adata a nan guda ce, kuma ina ganin ta fi haddar dabara amfani: kafin kowane intigiral, a zana layi biyu a gefen takarda, na farawa da na zaunannen zafi. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce abin da za a sa a jerin Fourier. Idan layin farawa yana ƙasa da ɗayan ko'ina, b_1 dole ta fito da ragi. Ta fito da akasin haka, kada ka ci gaba.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna cinye maki. Akwai mai gama wahala duka ya manta ya mayar da v, ya miƙa w a matsayin amsa: tsakiyar rodi digiri −32 a ƙauyen Kano, kuma bai ji komai a ransa ba. Babu wurin da zai yi ƙasa da 30 ko ya haura 100 a wannan rodi, tunda ba wuta a cikinsa, ba ƙanƙara. Duk lambar da ta fita daga wannan tsakani ƙarya ce.

Akwai mai rubuta n a cikin exp maimakon n². Kashi na uku yana mutuwa da sauri ninki tara na na farko, ba ninki uku ba. Da wannan ɗan sakaci, idan aka tsaya a kashi na uku, 32.6 ta zama 37.8.

Awo ma yana kayar da mutane. Idan k tana cikin santimita, L ma ya kasance cikin santimita. Wanda ya sa L = 0.5 tare da k = 0.12 ya hanzarta zafi ninki 10,000, minti 35 suka koma ƙasa da rabin daƙiƙa. Kalkuleta kuma ta kasance a kan RAD. A kan DEG, sin(π/2) zai ba ka 0.027 maimakon 1. Sannan, a lissafin X da raba x da t ke fitarwa, kada ka tsallake nuna cewa λ = 0 da λ mai ragi a X'' + λX = 0 ba su ba da komai sai sifiri; layi uku ne kawai, kuma su ne hujjar cewa sin kaɗai ta rage.

Wani abu da ke tsorata masu hankali: sun samu b_n daidai, sun tara kashi uku ko huɗu a t = 0 kusa da x = 0, sun ga ba ta ba da 30 ba, sai su goge aiki mai kyau. Ba kuskurenku ba ne. A wannan baki zafi ya yi tsalle daga 30 zuwa 100 lokaci guda, b_n kuma tana raguwa ne a hankali kamar 1/n, shi ya sa jerin yake tangal-tangal a wurin. Gwajin t = 0 a tsakiya ake yinsa: 65 − 44.6 + 14.9 − 8.9 + 6.4, za ka ga tana kai-kawo a kewayen 30.

Auduga da tsumman da muka naɗe rodin da su kuma ba ado ba ne. Idan ka je ka auna rodi tsirara a tsakar gida lokacin hunturu, tsakiyarsa ba za ta kai 65 ba ko ka jira har la'asar, domin iska tana kwashe zafi ta gefe. A nan lissafin kansa ya ƙaru da kashi, u_t = k u_xx − h(u − T_a), inda T_a take zafin iskar wurin, kuma zaunannen zafi ya daina zama miƙaƙƙen layi, ya lanƙwasa ƙasa. Tsarin aikin dai bai sauya ba, sai dai v za a sake nemowa daga k v'' = h(v − T_a) kafin a cire shi, kuma a ƙara h a kan k n²π²/L² a cikin exp.