Launin da ya dace da ɗakin da ke kallon yamma

Jama'a, duk mai niyyar yin fenti a Katsina kafin zafin Maris da Afrilu ya kankama, ya fara duba inda tagarsa take kallo. Ɗakin da ke kallon yamma shi ke shan ranar la'asar, saboda haka kada a sa masa ruwan ƙwai mai kauri ko ruwan goro, don hasken zai ƙara musu ja, ido ya riƙa jin zafi. Shuɗi mai haske sosai ko kore mai haske ya fi kwantar da ido, silin kuwa a bar shi fari.

Amma fentin ciki haske yake ƙarawa, ba ya rage zafi sosai. Zafin ta bango da kwano yake shigowa, don haka bangon yamma ta waje ne ya fi buƙatar launi mai haske. Fari fat yana saurin nuna jar ƙurar hunturu, ruwan madara ya fi ɓoye ta.

Kafin ku sayi bokiti, ku shafa kaɗan a bango hannu biyu, ya bushe, ku duba shi da ƙarfe 4 na yamma. In ya yi duhu ko yana ƙyalli har yana kashe ido, a canza shi.