Yadda Ake Gane Jabun Kambas Kafin A Biya Kuɗi

Alama guda ba ta isa a yanke wa takalmi hukunci ba, domin masu yin jabu sun ƙware wajen kwaikwayon siffa, amma sukan kasa daidaita ƙananan bayanai da juna. Za mu ɗauki farin Air Force 1 na kamfanin Nike a matsayin misali.

A fara da kwali. A gefensa akwai takarda mai ɗauke da girman takalmin da lambar samfurinsa, wadda a farin Air Force 1 '07 na maza take CW2288-111, inda alƙaluma ukun ƙarshe ke nuna launi. Sai a nemo ƙaramar takardar da ke cikin takalmin a kwatanta, domin wajibi ne lambobin biyu su zama iri ɗaya. A saka lambar a intanet: idan ta fito da baƙin takalmi alhali fari ne a hannu, magana ta ƙare.

A dakata a kan wannan takarda ta ciki, saboda nan ne jabu ya fi tona asirin kansa. Awon ƙafa na ƙasashe dole ya dace da juna, wato US 10 na maza shi ne UK 9 da EUR 44 da santimita 28. Rubutun asali yana fita tsaf, da tazara daidai tsakanin haruffa, na jabu kuwa yakan yi kauri ko ya dusashe. Ganin Vietnam ko Indonesia ko China a wurin ba aibi ba ne, domin a can kamfanin yake ƙera yawancin takalmansa.

Daga nan a koma kan ɗinki. Wannan samfurin yana da zare da ya kewaye tafin takalmin, sai a bi shi da ido a ga ko tsawon ɗinkin ɗaya ne, sannan a soka farce a tabbatar zare ne na gaske. A jera ƙafafun biyu a dubi dunduniya, domin a jabu sau da yawa alamar kamfanin ta ƙafa ɗaya takan ɗara ta ɗayar tsayi.

Batun gam yana buƙatar adalci, tun da takalmin asali ma yakan zo da ɗan tabonsa a bakin tafi. Abin tsoro shi ne gam mai ruwan ɗorawa da ya malale, ko wari mai hawa kai irin na sholisho, ko bakin da yake buɗewa idan an lanƙwasa gaban takalmin.

Na gwanjo ba ya zuwa da kwali, kuma warinsa ya riga ya gushe, don haka a dogara da takardar ciki da ɗinki, a kuma tabbatar lambar ƙafar dama ta yi daidai da ta hagu.