Yadda ake tsara amsar jarrabawa kan mafi ƙarancin albashi da ayyukan yi

Duk shekara ina duba takardun gwaji na ɗaliban tattalin arziki a nan Yamai, kuma wannan tambaya ba ta fashi: shin mafi ƙarancin albashi yana rage ayyukan yi? Yawanci sai su jera hujjojin "e" a shafi ɗaya, na "a'a" a shafi na biyu, su rufe da "ya danganta". Irin wannan takarda da ƙyar take wuce 10 bisa 20. Makin yana wurin faɗin abin da ya danganta da shi.

Ka fara da gabatarwa gajera. Ka fayyace SMIG: albashin da doka ta hana a biya ma'aikaci ƙasa da shi. A Nijar ya tsaya a sefa 30,047 tun 2012, kafin a ɗaga shi zuwa 42,000 a 2024, ƙarin kusan kashi 40 cikin 100. Sannan ka juya tambayar ta zama taka: a wane hali ne ƙarin yake cin ayyuka, a wane hali kuma ba ya ci? Ka faɗi matsayinka tun nan, kada ka ɓoye shi kamar tatsuniya.

Kashi na farko shi ne kasuwar da masu ɗaukar aiki suke da yawa, suna gasa. Ka zana layin buƙata da na samarwa, ka ja layin SMIG a saman mahaɗarsu, ka nuna giɓin: masu neman aiki sun ƙaru, guraben sun ragu. Kuskuren da na fi gani shi ne a ja layin a ƙasan mahaɗar, inda dokar ba ta taɓa kowa ba. Sakin layi biyu sun isa, kowa ya haddace wannan.

Kashi na biyu ne ke raba ɗalibai, don haka ka ba shi lokaci. Nan za ka kawo monofsoni, kalmar da Joan Robinson ta shigo da ita a 1933, wato kasuwar da mai ɗaukar aiki ɗaya ne ko ƴan kaɗan. Kada ka tsaya ga sunan, ka yi lissafi. A ce masana'anta ɗaya ce tal a wani gari, kowane ma'aikaci yana kawo mata jika 45 a wata. Idan ta biya jika 30, mutum 10 ke zuwa. Kafin na 11 ya yarda sai ta biya jika 32, kuma dole ta ƙara wa sauran goman. Albashi ya tashi daga jika 300 zuwa 352, wato mutum ɗaya ya ci mata 52 alhali 45 yake kawowa. Ba za ta ɗauke shi ba. To, doka ta ce 42. Yanzu kowane sabon ma'aikaci 42 kawai zai ci mata, ƙasa da abin da yake kawowa, sai ta ɗauki na 11 har da na 12. Amma a kai dokar 50, sallama za ta fara. Layi shida ke nan, sun nuna cewa tsayin ƙarin shi ne magana.

Daga nan sai shaida. A 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga albashin awa daga dalar Amurka 4.25 zuwa 5.05 (ka rubuta "ta Amurka", kada a zaci dalarmu ta sefa biyar). David Card da Alan Krueger suka kwatanta gidajen abinci 410 na can da na maƙwabciyarta Pennsylvania, ba su ga raguwar aiki ba. David Neumark da William Wascher suka sake dubawa da takardun biyan albashi, suka ce an samu raguwa. Ka kawo duka biyun, ka kuma faɗi iyakarsu: sana'a ɗaya ce, cikin ƙasa da shekara guda.

Sai ka dawo gida, nan ne ƴan kaɗan suke tunawa. Yawancin masu aiki a Nijar manoma ne, makiyaya, ƴan kabu-kabu, yaran shago a Babbar Kasuwa, waɗanda babu kwantiragi tsakaninsu da kowa. SMIG ba ya isa gare su kai tsaye. Wanda kamfanin gadi ya sallama ba lallai ya zauna a gida ba, yana iya komawa tura kura. Ke nan abin da zai ragu shi ne aiki mai rajista a CNSS, asusun fansho da inshorar ma'aikata na ƙasa, ba yawan masu aiki gaba ɗaya ba. Mai ɗaukar aiki kuma yana da wasu ƙofofi: ya rage awoyi, ya ƙara farashi, ko ya ƙi bin dokar idan masu sa ido ba su kai gare shi ba.

A rufewa kada ka kawo sabuwar hujja. Jimla uku: ƙarin yana rage aiki idan ya wuce abin da ma'aikaci ke samarwa a kasuwar gasa, ba ya ragewa idan matsakaici ne kuma mai ɗaukar aiki ke yanka albashi shi kaɗai, a Nijar tasirinsa ya fi tsayawa kan masu takardar albashi. Ka bar minti goma na ƙarshe ka duba zanenka, ka tabbata kowane layi yana da suna.